Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Aiki da Sifaniyanci Zuwa Kamfanin Ƙasar Waje

Wasiƙar da ake haɗawa da takardar tarihin karatu da aiki, wadda masu jin Sifaniyanci ke kira carta de presentación, shafi ɗaya ce tak, kuma sau da yawa ba ta ma cika shi. Na sha zama da matasa da suka gama jami'a muna rubuta irinta, kuma kusan kullum aikin farko shi ne raba su da wasiƙar da aka koya mana a sakandare, wadda ake buɗewa da ƙanƙan da kai, a roƙi a taimaka, a rufe da alkawarin biyayya. Idan aka juya wannan zuwa Sifaniyanci, mai ɗaukar ma'aikata a Balensiya ko Madarid ba zai ga ladabi ba, zai ga mutumin da bai faɗi abin da ya iya ba. Abin da yake nema a wasiƙar guda uku ne: wane aiki kake so, me ka taɓa yi da hannunka, kuma me zai sa ya ɗauko ka daga nesa alhali ga 'yan ƙasa a ƙofarsa.

Don kada bayanin ya tsaya a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata yarinya ce a Kano, ta karanta kimiyyar abinci, ta yi hidimar ƙasa a wani kamfani mai fitar da riɗi da zoɓo daga kasuwar Dawanau. Ta ga sanarwar aiki daga wani kamfani a Balensiya da ke shigo da aya daga Afirka ta Yamma. Wannan ba baƙon ciniki ba ne. Mutanen Balensiya suna yin kunun aya irin nasu da suke kira horchata, ayar kuma chufa, kuma wadda suke nomawa a gonakin arewacin birnin ba ta isarsu, don haka suna saye daga Nijar da Burkina Faso da Mali. Lambobin da za ka gani a wasiƙarta na misali ne, kai ka sa naka na gaskiya.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko, sanarwar aikin kanta. Ka kwafe ta gaba ɗaya ka ajiye, domin ana cire sanarwa daga shafi da zarar an rufe karɓar takardu, kuma za ka buƙace ta ranar hira. Na biyu, takardar tarihin karatunka da aikinka, wato currículum, a rubuce da Sifaniyanci tun kafin ka fara wasiƙar, saboda shekaru da sunayen da ke cikin biyun su zo ɗaya. Na uku, ƙamus. Na hukumar kula da harshen yana buɗe kyauta a dle.rae.es, sai dai Sifaniyanci ne zalla, don haka ka haɗa da ƙamus mai harshe biyu. Na huɗu, hanyar buga haruffan á, é, í, ó, ú da ñ. A waya, ka danne harafin ka riƙe, zaɓi zai fito. A kwamfuta mai Windows ka ƙara allon rubutu na Español, ko ka riƙe Alt ka buga lambobin gefen dama:

```
á Alt+160   é Alt+130   í Alt+161
ó Alt+162   ú Alt+163   ñ Alt+164
```

Idan kwamfutarka ƙarama ce marar lambobin gefe, ka kwafo haruffan shida ka ajiye a saman shafi kana ɗauka, ka goge su idan ka gama. Na biyar, mutum ɗaya da ya iya harshen sosai wanda zai karanta maka. Idan babu, akwai dabarar da zan faɗa a mataki na ƙarshe.

1. Ka tatse sanarwar kafin ka rubuta komai

Ka nemi sassa biyu: funciones, ayyukan da za a yi, da requisitos, sharuɗɗan da ake so. A ƙarƙashin sharuɗɗan akwai kalmomi biyu da ke yanke hukunci. Imprescindible na nufin abin da ba makawa. In ba ka da shi, kada ka ɓata kwanakinka. Se valorará kuwa na nufin in akwai an ji daɗi, in babu ba a kore ka ba. Ka ja layi a ƙarƙashin abu uku kacal da ka san kana da hujja a kansu. A misalinmu, yarinyar ta ja layi a kan duba ingancin kaya, mu'amala da dillalan Afirka ta Yamma, da jin harsuna. Wasiƙar gaba ɗaya amsa ce ga waɗannan ukun, kuma za ta yi amfani da kalmomin sanarwar yadda suke. Idan sun rubuta control de calidad, ita ma haka za ta rubuta, ba za ta je ƙamus ta nemo wata kalma mai kama da ita ba.

Ka duba kuma ƙasar da kamfanin yake, domin kalmomi na canzawa. Riɗi a Sifaniya sésamo aka fi ce masa, a Meziko ajonjolí. Zoɓon da Meziko ke saye da yawa daga Nijeriya sunansa can jamaica, a Sifaniya kuwa hibisco. Digirin farko a Sifaniya yanzu grado ne, a Meziko licenciatura. Wanda zai nemi aiki a Malabo ta Ikwatoriyal Gini, ya bi tsarin Sifaniya.

2. Ka rubuta ƙashin wasiƙar da Hausa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi rage wahala. Ka ɗauki takarda ka rubuta gajerun jimloli goma zuwa sha biyu da Hausa, kamar kana faɗa wa kawunka abin da ka yi a wurin aiki: na ɗebi samfur daga buhuna, na auna danshi, na tura ɗakin gwaji, na hana a loda kaya uku. Dalilin da ya sa na fi son Hausa a kan Ingilishi a nan shi ne, Ingilishi da Sifaniyanci suna da kalmomi masu kama da juna waɗanda ma'anarsu ta bambanta, kuma hannu yakan zame ya kwafo su. Colegio makarantar yara ce, ba kwaleji ba. Asistir yawanci halartar wuri yake nufi. Taimako shi ne ayudar. Actualmente na nufin a halin yanzu. Mafi muni ita ce excitado, wadda wasu ke sawa da nufin suna ɗokin aikin, alhali ta fi karkata ga motsuwar sha'awa. Haka ma aplicar: a Latin Amurka ana jin ta da ma'anar neman aiki, amma a Sifaniya presentar mi candidatura ko solicitar el puesto ake cewa. Hausa ba ta da wannan tarko, domin dole ka tsaya ka nemi ma'ana.

3. Kan wasiƙa da gaisuwa

A sama ka sa sunanka, garinka da ƙasarka, imel, da lambar waya mai lambar ƙasa a gaba, +234 ta Nijeriya ko +227 ta Nijar. Sai sunan kamfanin da na wanda za ka rubuta wa. Sai gari da kwanan wata, sunan watan da ƙaramin harafi:

```
Kano, 10 de marzo de 2025

Estimada Sra. Ramos:
```

Abu uku ne a wannan ɗan layin gaisuwa. Na ɗaya, ɗigo biyu ake sawa a ƙarshensa, ba waƙafi ba, sannan a sauka sabon layi a fara da babban harafi. Na biyu, mace Estimada Sra., namiji Estimado Sr. Na uku shi ne suna, kuma nan ake yawan faɗuwa. Mutanen Sifaniya suna ɗauke da sunan dangi biyu, bisa al'ada na uba a gaba, na uwa a baya. Masu kallon ƙwallo sun san Sergio Ramos, amma cikakken sunansa Sergio Ramos García. Da shi za ka rubuta wa, Sr. Ramos za ka ce, ba Sr. García ba, kuma ba Sr. Sergio ba. Wanda ya saba ɗaukar sunan ƙarshe zai kira mutum da sunan gidan mahaifiyarsa tun a layin farko.

Idan sanarwar ba ta faɗi suna ba, ka leƙa shafin kamfanin a LinkedIn ka nemi mai kula da Recursos Humanos, wato sashen ma'aikata. In ba ka samu ba, Estimado equipo de selección: ta wadatar. A Meziko suna son laƙabin karatu, don haka idan ka ga Lic. ko Ing. a gaban sunan mutum, ka mayar masa da abinsa.

Daga nan har sa hannu, da usted za ka yi magana, wato lafazin girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Ko da sanarwar ta yi maka magana da tú, kamar yadda wasu sababbin kamfanoni ke yi, ba wanda zai ƙi ka don ka girmama shi. Laifin shi ne gauraya su: ka fara da usted, a tsakiya ka rubuta tu empresa maimakon su empresa.

4. Sakin layi na farko: wane aiki, wane ne kai

```
Me dirijo a usted para presentar mi candidatura al puesto de
técnica de calidad publicado en InfoJobs el 3 de marzo. Soy
graduada en Ciencia y Tecnología de los Alimentos y vivo en
Kano, en el norte de Nigeria.
```

Ma'anarsa: ina rubuto muku ne don neman gurbin jami'ar duba inganci da aka sanar a shafin neman aiki na InfoJobs ranar 3 ga Maris, na yi digiri a kimiyya da fasahar abinci, kuma ina zaune a Kano, arewacin Nijeriya. Jimla biyu, an gama. Babu tambayar lafiyar iyali, babu "sunana wance", tunda sunan yana sama yana ƙasa. Idan sanarwar tana da lambar shaida, ka sa ta bayan sunan gurbin.

Ka lura da técnica da graduada. Namiji técnico da graduado zai rubuta. Bahaushe bai kamata ya sha wuya a nan ba, tunda mu ma muna bambanta gajere da gajeriya, amma wanda ya kwafi wasiƙar abokinsa yakan manta ya gyara. Na taɓa karanta wasiƙar wani saurayi da ya bayyana kansa a matsayin interesada har sau biyu, domin daga ta 'yar ajinsu ya ɗauko.

Game da sakamakon digiri, matakan da jami'o'in Nijeriya ke bayarwa ba su da takwara kai tsaye a can, kuma fassara sunansu ba ta gaya wa kowa komai. In makinka mai kyau ne, ka ba da lamba: nota media de 4,2 sobre 5. A Sifaniya waƙafi ake sawa tsakanin lambobin, a Meziko ɗigo. In makin bai taka kara ya karya ba, ka bar shi. Sannan kada ka rubuta título homologado sai in da gaske ka bi hanyar da gwamnatin Sifaniya ke amincewa da takardar karatun waje ka samu. Ayyukan da doka ta tsare, irin likitanci da aikin jinya da wasu rassan injiniyanci, ba a yinsu sai da wannan amincewa. Kamfani mai zaman kansa da ke neman mai duba ingancin kaya kuwa yana iya ɗauka ba tare da ita ba. In ka shigar da takardu kana jira, ka ce en trámite, wato ana kan aiki.

5. Sakin layi na biyu: abin da hannunka ya yi

```
Durante el servicio nacional obligatorio, de un año, trabajé en
una empresa exportadora de sésamo e hibisco del mercado de
Dawanau. Tomé muestras de 40 lotes, medí la humedad y envié las
muestras al laboratorio para el análisis de aflatoxinas. Rechacé
tres lotes antes del embarque.
```

Ta ce: a shekarar hidimar ƙasa na yi aiki a kamfanin da ke fitar da riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau, na ɗebi samfur daga rukunin kaya 40, na auna danshi, na aika ɗakin gwaji don a duba gubar da fumfuna ke haifarwa, na hana rukuni uku tafiya kafin a loda.

Dubi abin da babu a ciki. Ba ta ce ita mai ƙwazo ce, mai gaskiya, mai haƙuri da jama'a ba. Kowa yana faɗin haka, kuma ba a iya tantancewa. Jimlar ƙarshe ita ce ta fi tsada, domin mai shigo da kayan abinci Turai babban tsoronsa shi ne kwantena ta iso tashar jirgin ruwa a gwada ta a samu gubar ta wuce iyaka, a tsare ta ko a mayar. Wadda ta taɓa cewa a'a a gaban dillali, kaya na ƙasa mota na jira, ta nuna ta san nauyin aikin. Ka lura kuma ba ta rubuta gajeren sunan hukumar hidimar ƙasa ba, domin haruffa huɗu ne da ba wanda ya san su a can. Ta bayyana abin da yake. Haka za ka yi da babbar difiloma da duk wani suna na cikin gida.

A wannan sakin layi ne ɗan karan da ke bisa wasali yake yin ɓarna. Trabajé na nufin na yi aiki. Trabajo na nufin ina aiki. Trabajó kuwa wani ne ya yi aikin, ba kai ba. Manhajar rubutu ba za ta ja jan layi a ƙarƙashin ko ɗaya ba, domin dukkansu kalmomi ne na gaskiya. Sai ka bi aikatau ɗaya bayan ɗaya da idonka: a mafi yawansu, abin da kai ka yi a baya yana ƙarewa da é ko í. Sai ñ. Año shekara ce. Idan ka cire ɗan rawanin da ke kan n, ka rubuta sunan dubura. Mutumin da ya ce yana da ƙwarewar shekara biyu ba da wannan rawani ba, zai ba ofis dariya ranar.

6. Sakin layi na uku: abin da ɗan ƙasa ba shi da shi

```
El hausa es mi lengua materna, la misma que hablan los
productores y comerciantes de chufa de Maradi, en Níger. Puedo
negociar con ellos sin intérprete y explicarles los requisitos
de secado y almacenamiento de su empresa. Hablo inglés con
fluidez y tengo el DELE B1 de español.
```

Wato: Hausa ce harshen da na tashi da shi, shi ne kuma manoma da 'yan kasuwar aya na Maraɗi ke yi, zan iya ciniki da su ba tafinta, in bayyana musu ƙa'idojin kamfaninku na shanya da ajiya, ina jin Ingilishi sosai, kuma ina da shaidar jarrabawar Sifaniyanci ta DELE mataki na B1.

Da yawa daga matasanmu suna ɓoye Hausa a ƙasan takarda, ko su cire ta gaba ɗaya, suna ganin ba ta cikin harsunan da ake nema. A wajen kamfanin da ke saye ko sayarwa a yankinmu, ita ce jarinka. A Sifaniyanci ba za ka taɓa kamo ɗan Balensiya ba, amma shi ma ba zai iya tsugunawa a rumfar dillali ya gane lokacin da aka gauraya sabuwar aya da ta bara ba. Sai dai kada ka ambaci Hausar haka kawai. Ka ɗaura ta a kan wani aiki da kamfanin ke biyan kuɗi a yi masa. Ɗan Nijar ko Kamaru ko Chadi ya ƙara da Faransanci a nan. Sunayen harsuna da ƙaramin harafi ake rubuta su: hausa, inglés, francés.

Sai maganar matakin harshe, kuma a nan nake da tsauri. DELE jarrabawa ce da Instituto Cervantes ke shiryawa, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, kuma shaidarta ba ta ƙarewa. Akwai kuma SIELE, wadda ake yi a kwamfuta, shaidarta tana aiki shekara biyar. In ba ka da ko ɗaya, ka rubuta nivel intermedio ko nivel básico, gwargwadon gaskiya. Kuma wasiƙar kanta ta yi daidai da matakin da ka faɗa. Idan ka ba wani gwani ya ƙawata maka ita da dogayen jimloli, ranar hira za a buɗe da gudu a kan zaton haka kake magana, cikin minti biyu asiri ya tonu, kuma daga nan ba za su yarda da sauran abin da ka rubuta ba. Shi ya sa jimlolin misalin nan gajeru ne. Duk jimlar da ba za ka iya faɗa da bakinka ba tare da duba takarda ba, ka sauƙaƙa ta.

7. Maganar izinin aiki, da rufewa

```
No tengo permiso de trabajo en España. Puedo empezar desde Kano
y trasladarme a Valencia cuando se tramite la autorización.
Adjunto mi currículum y quedo a su disposición para una
entrevista por videollamada.

Atentamente,
```

Ta faɗa a fili cewa ba ta da izinin aiki a Sifaniya, za ta iya farawa daga Kano ta koma Balensiya idan an kammala takardu, ta haɗo tarihin aikinta, kuma a shirye take a yi hira ta bidiyo. Wasu suna ganin wannan harbin ƙafa ne. Ni ban gani haka ba. Adireshinka ya riga ya nuna inda kake, kuma a tsarin Sifaniya kamfanin ne ke shigar da buƙatar izinin ɗauko ma'aikaci daga waje, ba kai ba, don haka nauyi ne da dole su san za su ɗauka. Abin da ya kamata shi ne maganar ta zo a ƙarshe, bayan sun ga amfaninka, kuma ta zo tare da mafita. Idan sanarwar ta ce imprescindible permiso de trabajo, wannan ƙofar a rufe take. Idan kuma wani ya amsa maka da cewa ka turo kuɗin sarrafa takardu kafin a yi ko da hira, ba kamfani ba ne, ɗan damfara ne.

Bayan Atentamente waƙafi ne, sai cikakken sunanka a layi na gaba, yadda yake a fasfo. Addu'o'in da muka saba rufe wasiƙa da su, ka yi su a zuciyarka.

8. Dubawa da aikawa

A Word, ka zaɓi rubutun duka ka mayar da harshen dubawa zuwa Español (España) ko Español (México), in ba haka ba komai zai yi ja, ka kasa gane kuskuren gaske. Daga nan ka karanta sau uku, kowane karatu da abin da yake farauta: na farko jinsi, wato o da a; na biyu karan wasali a kan aikatau; na uku usted da su. In ba ka da mai karanta maka, ka ɗauki duk jimlar da kake shakka, ka sa guntunta tsakanin alamun zance a injin bincike. Idan ta fito a shafukan kamfanoni da jaridun ƙasar, ana faɗinta. Idan ba ta fito ko sau ɗaya ba, wataƙila kai ka ƙirƙiro ta, sai ka nemi wadda ake amfani da ita.

Ka ajiye ta a PDF, shafi ɗaya, da suna marar karan wasali don kada ya rikice a wata na'ura, kamar Carta_presentacion_ sannan sunanka. In ta imel za ka tura, ka sa Candidatura da sunan gurbin a layin batu, ka rubuta jimla biyu a ciki, ka maƙala wasiƙar da tarihin aikin. In kuma shafin neman aikin akwati ne kawai ya ba ka, ka cire adireshi da kwanan wata, ka liƙa daga gaisuwa zuwa sunanka. Idan suka ba ka lokacin hira, ka tuna agogon Balensiya da Madarid daidai yake da na Nijeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya, don haka ƙarfe goma na Balensiya a watan Yuni ƙarfe tara ne a Kano.